Muzuruna yana yunƙuri a tiren yashi amma babu abin da ke fita

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da muzuru ɗan shekara 4, an yi masa dandaƙa, kuma busasshen abinci na leda kawai yake ci. Tun daren jiya yake ta kai-komo zuwa tiren yashinsa, ya tsuguna yana yunƙuri yana kuka, ya tashi babu komai. Rabon da in kwashe kashinsa yau kwana biyu ke nan. Maƙwabciyata ta ce in ɗura masa man zaitun, ko in sayo ruwan wankin ciki na matsawa ta dubura a kemis. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. Kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun. Ki je ki tona yashin nan yanzu ki duba ko akwai fitsari. In babu jiƙa, ko kuwa ɗan ɗigo-ɗigo ne kawai, ki ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi yau, kada ki bari ya sake kwana. Abin da na fi zargi a jikin wannan muzuru toshewar hanyar fitsari ne, ba taurin kashi ba, kuma ita wannan ba ta jira.

Dalili shi ne, tsugunon kyanwa mai neman yin kashi da na mai neman yin fitsari sun yi kama ƙwarai. Ana cewa mai kashi ya fi ɗaga ƙugu yana ranƙwafa baya, mai fitsari kuma ya fi yin ƙasa, gaskiya ne a jikin lafiyayye. Amma dabbar da ke cikin azaba ba ta bin wannan ƙa'ida, har mu da muke ganinsu kullum ba ma dogara da tsuguno. Mutane da yawa sukan shigo mana da muzuru suna cewa cikinsa ya bushe, da an taɓa mara sai a tarar mafitsara ce ta cika ta kumbura. Rashin ganin kashi na kwana biyu ma ba hujja ba ce, don wanda fitsarinsa ya tsaya yakan daina cin abinci, kuma ciwon da ke mararsa yakan hana shi yunƙurin kashi.

Abin ya fi samun maza saboda yadda halittarsu take. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce, kuma tana ƙara tsukewa idan ta kusa bakin gaba. Idan mafitsara ta yi kumburi, takan saki wani abu mai yauƙi, ya haɗu da 'yan ƙwayoyin gishiri masu kama da rairayi da ke cikin fitsari, su dunƙule su zo su tsaya a wannan matsatsin. Wani lokaci ɗan ƙaramin dutse ne. Ta mace gajera ce mai faɗi, shi ya sa da wuya ta toshe, ko da yake ita ma takan yi ciwon mafitsara, ta yi ta tsuguno tana ɗigar da fitsari mai jini. Naki ya haɗa abubuwan da muka fi gani tare da wannan ciwo: namiji ne, matashi, mazaunin ɗaki, kuma busasshen abinci yake ci. In yana da ƙiba, ko kwanan nan wani abu ya tayar masa da hankali, kamar ƙaura ko baƙi ko zuwan sabuwar mage, zargin ya ƙara ƙarfi.

Idan hanyar ta rufe gaba ɗaya, fitsari yakan taru har matsinsa ya koma ga ƙoda, ƙoda ta kasa tace jini. Dattin da ya kamata ya fita sai ya zauna a jiki, kuma mafi haɗari a cikinsa shi ne sinadarin fotasiyam. Yawansa a jini yana rikita bugun zuciya, ya rage mata gudu, daga baya ya tsayar da ita. A cikin kwana ɗaya zuwa biyu jiki yake fara lalacewa, kuma muzurun da aka bari haka zai iya mutuwa cikin kamar kwana 3. Da farko za ki gan shi da ƙarfinsa, yana yawo, yana lasar gabansa ba ƙaƙƙautawa, yana neman tsugunawa a banɗaki ko kan tayil ko bayan ƙofa. Daga nan sai amai, sai ya ƙi abinci, sai ya shige ƙarƙashin gado. In ya kai ga ya kwanta shiru, kunnuwansa da tafukansa sun yi sanyi, ya daina kukan ma, wannan shirun ba sauƙi ba ne. Zuciyar lafiyayyar kyanwa tana bugawa tsakanin sau 140 zuwa 220 a minti ɗaya, kuma idan aka kawo mana muzuru mara lafiya muka ji bugunsa ya sauka ƙasa da haka, jikinsa kuma da sanyi, mun san fotasiyam ya yi nisa tun kafin sakamakon jini ya fito.

Kina iya gwada taɓa marar, amma a hankali. Ki tsayar da shi a kan ƙafafunsa huɗu, ki sa tafin hannu a ƙasan ciki, gab da ƙafafun baya. Lafiyayyar mafitsara tana da laushi, sau da yawa ma ba za ki ji ta ba. Wadda ta toshe za ki ji ta dunƙule da tauri kamar goruba, kuma zai yi ƙara ko ya nemi cizo. Kada ki matsa don ki taimaka masa fitsarin ya fito. Bangon mafitsarar ya riga ya miƙe ya yi rauni, yana iya fashewa. Kuma idan ba ki ji komai ba, kada ki ɗauka kin wanke shi, musamman in yana da teɓa, don hannun da bai saba ba yakan wuce ta.

A asibiti abin da za a yi sananne ne. Za a sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, a ba shi maganin kashe zafi, a auna jini idan akwai kayan aiki. In zuciya ta fara rikicewa, ana ba da allurar kalsiyam don ta kare zuciyar, da gulukos, wani lokaci haɗe da insulin, don su tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki. Sannan a yi masa allurar barci, a zura siririyar roba ta gabansa, a tura abin da ya toshe ya koma ciki da ruwa, a wanke mafitsara. Fitsarin da ke fitowa sau da yawa ja ne wur. Akan bar robar kwana ɗaya zuwa biyu kafin a cire, a tabbatar yana yi da kansa kafin a sallame shi. Wanda aka kawo da wuri yawanci yana tashi. Sai dai toshewar takan dawo, musamman a makon farko, saboda haka ido a kan yashi ba ya ƙarewa ranar sallama. Ki buga waya kafin ki fita, ki tambaya ko suna da robar fitsari ta kyanwa da allurar barci, don asibitocin dabbobi da yawa a wajenmu sun fi shirya wa shanu da awaki da kaji. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, suna duba ƙananan dabbobi, in kina kusa da ɗayansu.

To, a ce kin tona yashin kin tarar da jiƙa mai yawa, irin wadda kika saba gani, kuma kin tabbata tasa ce. Wannan tabbacin yana da muhimmanci a gidan da ke da kyanwa fiye da ɗaya. Ki keɓe shi a ɗaki shi kaɗai da tire mai sabon busasshen yashi, ko ki shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin yashi kaɗan. Lafiyayye yakan yi fitsari sau biyu zuwa huɗu a yini. In ya yi sosai, to yanzu ne za mu yi maganar taurin kashi, kuma a nan akwai ɗan lokacin numfashi.

Yawancin kyanwoyi suna yin kashi sau ɗaya a rana, wasu sau biyu. Tsallake kwana ɗaya ba abin tashin hankali ba ne idan dabbar tana ci tana wasa. Da an wuce kwana biyu sai a fara lura, in an kai uku sai a nemi likita ko da ba ta nuna ciwo ba. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci, kuma ba ya dainawa don kashi ya daɗe a cikinsa. Duk kwanan da kashi ya ƙara, sai ya ƙara bushewa, sabo ya zo ya taru a bayansa, dunƙulen ya ƙara kauri, fitarsa ta ƙara zafi. Kyanwar da ta ji zafi sau ɗaya sai ta fara riƙewa, riƙewar kuma ta ƙara busar da shi. Abin da za ki gani a tire shi ne 'yan ƙananan dunƙule busassu masu tauri, wani lokaci da ɗan jini a jikinsu, wani lokaci a wajen tiren, domin ta yi yunƙuri ta gaji ta fito sannan ya faɗo. Wasu sukan yi amai bayan yunƙuri.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane a nan. Idan dunƙulen ya daɗe, yakan gurje bangon hanji, hanjin ya saki ruwa da majina, su zagaye dunƙulen su ɗigo waje. Mai kyanwa sai ya ga ruwa-ruwa ya ce zawo ne, ya je ya nemo maganin tsayar da zawo, ya ƙara wa abin wuta. Haka kuma akasin haka yana faruwa: kyanwa mai kumburin babban hanji takan yi ta yunƙuri alhali hanjin babu komai, sai majina da jini. Wannan in aka ba ta maganin sassauta ciki an cuce ta. Shi ya sa hannun likita a kan ciki, ko hoton ciki, ya fi duk wani hasashe.

Babban abin da ke kawo taurin kashi shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta busassun ƙasashe ne, wadda ke samun ruwanta daga naman abin da ta kama, don haka ba ta da saurin jin ƙishirwa. Kyanwa mai kilo 4 tana bukatar kusan mililita 200 a rana, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar fiya wata, a haɗa da wanda ke cikin abinci. Jiƙaƙƙen abinci na gwangwani ko dafaffen nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, busasshe kuwa ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, kuma kyanwoyi da yawa ba sa shan abin da zai cike gibin. A ƙara da zafin bazara ko bushewar hunturu, da kwanon ruwa guda ɗaya da aka ajiye a rana. A tsofaffi kuma, daga shekara 10 zuwa sama, idan na ga taurin kashi sai na fara tambayar ƙoda. Ƙodar da ta gaji tana zubar da ruwa da fotasiyam ta fitsari, sai ki ga tsohuwar mage tana shan ruwa da yawa, tana cika tire da fitsari, amma jikinta a bushe yake, hanjinta kuma ba ƙarfi. Sauran dalilan sun haɗa da gashin da take haɗiya wajen lasa, musamman masu dogon gashi, da ƙasusuwan kaza da na kifi da ake zuba musu, da ƙiba, da ciwon gaɓoɓi da ke sa tsuguno ya yi wa tsohuwa wuya, da ƙurji a gefen dubura. Har ƙazantar tire tana sa wasu su riƙe.

Dalilin da nake so in tsaya a kansa shi ne tsohuwar karaya, don ana yawan mantawa da ita. An taɓa kawo mini wani muzuru ɗan shekara 6, mai kilo 4, wanda mai shi ya ce kusan mako guda bai ga kashi ba, kuma ya daina cin abinci, yana amai. Mafitsara na fara taɓawa, na ji ta ƙarama mai laushi, hankalina ya kwanta ta wannan ɓangare. A samanta kuwa, tsawon ciki, akwai dogon dunƙule mai tauri da ya fi babban yatsa kauri nesa ba kusa ba, ba ya lotsawa. Na ɗaga fatar kafaɗarsa na saki, ta tsaya kafin ta kwanta, dasashinsa kuma yana manne wa yatsa, alamar ruwan jiki ya yi ƙasa. Da na tambayi ko ya taɓa haɗari, sai mai shi ya tuna cewa wajen shekara guda da ta wuce babur ya buge shi, ya yi makonni yana jan ƙafa, daga baya ya warke da kansa. Hoto ya nuna abin da ya faru. Ƙashin ƙugu ya karye ya haɗe a karkace, ƙofar da hanji ke bi ta tsuke, kashi yana zuwa nan yana cijewa. Hanjin da ke bayan wurin ya buɗe. Akwai ma'aunin da muke amfani da shi a hoto, a gwada faɗin babban hanji da tsawon ƙashin baya na biyar na yankin kwankwaso. In faɗin ya kai kusan ninki ɗaya da rabi, muna zargin hanjin ya saki, abin da ake kira megakolon. Nasa ya kai.

Ba mu taɓa kashin ba a ranar farko. Ƙarin ruwa muka sa masa ya kwana da shi, domin yi wa busasshiyar dabba allurar barci da wankin ciki haɗari ne, kuma hanjin da ke jin ƙishirwa zai tsotse duk ruwan da aka zuba masa. Washegari aka sa shi barci, aka sa masa robar numfashi a maƙogwaro saboda kada ya yi amai ya shaƙa, aka zura roba mai laushi ta dubura, aka tura ruwan ɗumi haɗe da man santsi a hankali. Ƙa'idar ita ce mililita 5 zuwa 10 a kowane kilo, wato 20 zuwa 40 a jikinsa. Sannan da hannu ɗaya ana murza dunƙulen ta bangon ciki ana farfasa shi, da yatsa kuma ana zaro guntayen. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ba a dagewa sai an kwashe duka a zama ɗaya, don bangon hanjin yana iya yagewa. Ya koma gida da laktulos, mililita 2 sau uku a rana, da jiƙaƙƙen abinci, da maganin motsa hanji mai suna sisafiraid. Ya samu sauƙi na wasu watanni, sannan abin ya dawo, ya sake dawowa, tazarar tana raguwa. Da a ce an gano tsukewar a watannin farko, ana iya tiyatar faɗaɗa ƙugu. Idan an wuce kamar wata 6 hanji yana fama, naman bangonsa yakan mutu murus, faɗaɗa ƙofar ba ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ya rage shi ne a yanke mafi yawan babban hanjin a haɗa sauran. Kyanwoyi suna jure wannan tiyata fiye da yadda mutum zai zata, sai dai sukan yi makonni ko watanni suna kashi mai laushi kafin ciki ya daidaita. Ya kamata in ƙara da cewa yawancin masu megakolon ba su da wata karaya, naman hanjin ne kawai yake raunana ba tare da an ga dalili ba, kuma an fi ganinsa a mazan da suka kai tsakiyar shekaru. A kowane hali, barin kashi yana taruwa ana cewa zai wuce shi ne ke miƙe hanji.

Yanzu shawarwarin maƙwabciyarki. Na biyun ya fi muni. Ruwan wankin ciki na mutane da ake sayarwa a 'yar roba mai dogon baki, irin Fleet da makamantansa, yana ɗauke da sodiyam fosfat. Hanjin kyanwa yana tsotse shi ya shiga jini, fosfat da sodiyam su hau, kalsiyam ya faɗi, sai rawar jiki da farfaɗiya da suma, kuma yana kashewa cikin sa'o'i. Kwalba guda ta isa. Haka ruwan sabulu ko wanda aka ɗiga wa maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanka, kada a kusantar da su. Ko ruwan ɗumi zalla ma ban yarda a yi a gida ba, domin kyanwar da ke fizge-fizge da bakin sirinji a duburarta tana iya hujewa.

Mai kuwa, matsalarsa ɗurar ce. Man farafin na kemis ya fi haɗari saboda ba shi da ɗanɗano, dabbar ba ta jin sa balle ta haɗiye da kyau, sai ya zarce huhu ya haifar da ciwon huhu mai wuyar magani. Man zaitun da man gyaɗa da man ja ba su kai shi ba, amma duk man da aka ɗura wa kyanwar da ke tirjewa yana iya bin wannan hanya, kuma jiki yana narkar da yawancinsu tun a ƙaramin hanji, abin da zai isa wurin dunƙulen kaɗan ne. Kanwa da filasko da jiƙon tsamiya a bar wa masu su. Madara tana sa wasu zawo, amma zawon da ke ƙara busar da jiki ba magani ba ne. Abin da ba na gajiya da faɗa shi ne farasitamol: ganin yana kuka kada ya sa wani a gidan ya gutsura masa fanadol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya lalata jininsa, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, ya mutu. Ibufurofen da dikulofenak su kuma ƙoda da ciki suke ci.

Abin da za a iya yi a gida yana da iyaka, kuma na kyanwar da ke fitsari lafiya ne, tana ci, ba ta amai, kuma ba ta wuce kwana biyu ba. A mayar da ita kan jiƙaƙƙen abinci, a ƙara masa cokali biyu ko uku na ruwan ɗumi a dama. Romon kaza yana jan ra'ayinsu, amma a dafa shi ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, ba sinadarin ɗanɗano, domin albasa da tafarnuwa suna fasa musu ƙwayoyin jini. A ajiye ruwa wuri biyu ko uku a inuwa, nesa da tire, a kwano mai faɗi. Dafaffiyar kabewa da aka dame, ƙaramin cokali ɗaya a abinci, tana taimaka wa wasu. Amma irin wannan abinci mai dusa yana aiki ne kawai idan akwai ruwa a jiki kuma hanji yana da ƙarfin turawa. A hanjin da ya riga ya saki, ƙara masa kaya ne. Laktulos, ruwan maganin nan mai zaƙi da ake samu a kemis, yana jawo ruwa cikin hanji, kuma akan fara da rabin mililita a kowane kilo, sau biyu ko uku a rana, a ƙara ko a rage gwargwadon laushin kashi. Akwai kuma garin PEG 3350, wanda kyanwoyi suka fi karɓa saboda ba shi da ɗanɗano, akan barbaɗa kashi ɗaya cikin takwas zuwa rubu'in ƙaramin cokali a abinci sau biyu a rana. Na faɗi awon ne don ki san abin da likita zai rubuta, amma a fara bayan an taɓa cikin. Idan akwai abin da ya tokare hanya, ko jiki a bushe yake, waɗannan magunguna ƙara wahala suke yi. Kuma laktulos ba ya narkar da dunƙulen da ya yi mako guda.

Ko da fitsari yana fita, akwai yanayin da ba a jira gobe: amai fiye da sau ɗaya, ƙin abinci na yini guda cur, ciki ya kumbura ko ba ya taɓuwa, kasala, ko jini mai yawa. Ƙin abincin ma kansa matsala ce ga mai ƙiba, don 'yan kwanaki ba ci suna iya tara masa kitse a hanta. In kika ga jan nama ya leƙo daga dubura, ki rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, ki kama hanya. In zare ne ya leƙo, na ɗinki ko na buhu ko na kitso, kada a ja shi, domin ɗaya bakin yana iya kasancewa a maƙale a sama, jan sa zai yanka hanji. Mage mai ciki kuma da ta kai kwana 63 zuwa 65, tsugunonta a tire yana iya zama naƙuda, kuma in ta yi minti 20 zuwa 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, ita ma ta asibiti ce.

Bayan naki ya dawo gida, ko mafitsara ce ko hanji, gyaran kusan ɗaya ne. Jiƙaƙƙen abinci ya zama shi ne babba, a sauya a hankali cikin mako guda ko biyu don kada ya yi yaji. Tire ya fi yawan kyanwoyin gidan da ɗaya, a wuri mai shiru, a kwashe shi safe da yamma, kuma mai kwashewa ya riƙa kallon abin da ya kwasa. In yana da ƙiba a rage masa sannu a hankali, in mai dogon gashi ne a riƙa taje shi.

In kin tona yashin ba ki ga fitsari ba, kada ki ba shi abinci yanzu, saboda mai yiwuwa a yi masa allurar barci. Ki sa shi a kwando mai murfi da tawul a ƙasa, ki ɗauke shi ta ƙirji da cinyoyi ba tare da danna mara ba. Ki ɗauki hoton yashin, da ɗan bidiyon tsugunonsa in ya sake yi kafin ki fita, ki riƙe ledar abincinsa. Da kin isa, kalmar farko da za ki faɗa ita ce namiji ne kuma ba ki ga fitsarinsa ba tun daren jiya, don kada a ajiye ki a layi.